Kashi 15 cikin ɗari a shekara: nawa yake ci daga jikar da ke aljihunka?

"Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na ji a rediyo ana cewa farashi yana hawa da kashi 15 cikin ɗari a shekara. To ni tiyar geron da na saya dala ɗari da ashirin da kaka, yanzu da damina dala ɗari da tamanin take. Ina kashi 15 a nan? Sannan ina da jika 500 da na ajiye don ginin ɗaki nan da shekara biyu ko uku. Wannan lissafin nasu ya shafe su?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Idonka bai yi maka ƙarya ba, mai rediyon ma ba lalle ya yi ba. Daga sefa 600 zuwa 900 ƙarin 300 ne, kuma 300 rabin 600 ne, wato kashi 50 cikin ɗari. Sai dai kai abu guda ka auna, tsakanin lokacin da ya fi araha da lokacin da ya fi tsada. Su kuwa abubuwa da yawa suke aunawa a haɗe, tsakanin wata guda da takwaransa na bara. Ni aikina riƙe littafin lissafin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma, shekara da shekaru ke nan, kuma wannan gardamar ba ta taɓa ƙarewa a bakin shago. Bari mu bi ta a hankali.

Inda lambar take fitowa

A Nijar, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke fitar da wannan lamba kowane wata. Ma'aunin da take aiki da shi ana ce masa IHPC, kuma tsarinsa ɗaya ne a ƙasashe takwas na UEMOA masu amfani da sefa, don a iya kwatanta Yamai da Dakar ko Lome. Ma'aikata suna zagaya kasuwanni da shaguna suna rubuta farashin kaya iri-iri: gero, shinkafa, mai, nama, sabulu, atamfa, kuɗin haya, kuɗin mota, magani, katin waya. Abin da ake sayarwa da tiya ko kashi-kashi, awo ake yi masa a mayar da shi kilo, saboda mai ƙosai ba ta ƙara kuɗi, ƙosan take ragewa, kuma ƙullin sukarin dala biyar yana nan a dala biyar, sai dai ya rame. Wannan ramar ita ma hauhawar farashi ce, ko da ba wanda ya ce maka an ƙara.

Sai a haɗa kayan nan duka kamar kwandon cefane guda, amma ba a ba kowane abu nauyi ɗaya ba. Abin da ya fi cin kuɗin gidaje shi ya fi nauyi a lissafin. Idan ashana ta ninka kuɗi, lambar ba za ta motsa ba. Idan gero ya ƙaru da kashi 10 kawai, za ta ji a jikinta.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi, ba na INS ba ne. Ɗauki magidanci da bara yake kashe jika 100 a wata. Jika 35 na hatsi ne, gero da masara da shinkafa. Jika 20 na cefane, mai da nama da kayan miya. Jika 15 na haya da wuta da ruwa. Jika 10 na man mashin da kabu-kabu. Sauran jika 20 na sutura, magani, makarantar yara da katin waya. Bana hatsi ya hau da kashi 30, wato ƙarin jika 10 da rabi. Cefane ya hau da kashi 15, ƙarin jika 3. Mai gida bai ƙara haya ba, wuta da ruwa suna nan, man mashin ma yana nan. Su sutura da magani sun hau da kashi 7 da rabi, ƙarin jika ɗaya da rabi. Tara su: 10.500 da 3.000 da 1.500, jika 15 cif. Kwandon da ya ci jika 100 bara yanzu jika 115 yake ci. Wannan shi ne "kashi 15 cikin ɗari a shekara". Ka lura a cikin kwandon nan rukuni guda ne kawai ya hau da kashi 15 daidai. Wani ya ninka haka, wasu ba su motsa ba. Wani lokaci ma akwai mai sauka: a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage litar esansi daga 540 zuwa 499, a daidai lokacin da hatsi ke wuta a kasuwa.

Yanzu bar farashin yadda yake, ka canja gidan. Mai turin kura da ke kashe jika 50 a wata, jika 30 daga ciki a hatsi suke tafiya, jika 10 a cefane, sauran jika 10 a abubuwan da ba su motsa ba. Ƙarinsa jika 9 ne a hatsi da jika ɗaya da rabi a cefane, jimla 10.500 a kan 50.000, kashi 21 cikin ɗari. Shi kuma babban ma'aikaci da ke kashe jika 300, wanda hatsinsa bai wuce jika 45 ba, cefanensa jika 60, su sutura da makaranta jika 80, sauran jika 115 a haya da wuta da man mota, ƙarinsa 13.500 da 9.000 da 6.000, jimla 28.500, kashi 9 da rabi. Gari ɗaya, kasuwa ɗaya, shekara ɗaya, amma wani ya sha kashi 21, wani kashi 9 da rabi, rediyo kuma ta ce 15. Shi ya sa idan talaka ya ce lambar gwamnati ba ta kai abin da yake gani ba, ba na musa masa. Gidan da tuwo ya fi cin kuɗinsa kullum yana sama da lambar a shekarar da hatsi ne ya jawo tsadar.

Maganar tiyarka

Gero yana da hawa da saukarsa na kowace shekara, ko akwai hauhawar farashi ko babu. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, manoma na fitar da shi don biyan bashi da hidimar aure, kasuwannin Cadawa da Mayahi da Gidan Rumji sun cika, sai ya faɗi. Daga bazara rumbuna sun fara sauka, zuwa Yuli da Agusta sai wanda ya ajiye ne ke da shi, ga hanyoyin ƙauye sun lalace da ruwa, sai ya kai ƙololuwa. Idan ka kwatanta Nuwamba da Agusta, mafi yawan abin da ka gani wannan zagayen ne. Awo na gaskiya shi ne Agustan bana da Agustan bara. Duba littafinka. Idan a Agustan bara tiya 750 take, to ƙarin shekara 150 ne a kan 750, kashi 20. Idan 900 take bara ma, to gero bai hau ko dala ɗaya ba a ma'aunin shekara, duk da cewa ya hau da rabi tun kaka. Ƙa'idar ba ta da wuya: cire tsohon farashi daga sabo, raba da tsohon, ninka da 100. Kuskuren da na fi gani shi ne a raba da sabon farashi, sai 300 a kan 900 ya fito kashi 33, a ce ai bai kai rabi ba.

Akwai wani abin da ke rikita masu sauraro. Lamba biyu ake fitarwa, dukansu kuma ana kiransu "na shekara". Ɗaya tana kwatanta wannan wata da irinsa na bara. Ɗayar tana ɗaukar matsakaicin watanni goma sha biyu ta kwatanta da matsakaicin goma sha biyun da suka gabace su. A 2024, ta farkon ta kai wajen kashi 15 a tsakiyar shekara a Nijar, alhali matsakaicin shekarar gaba ɗaya wajen kashi 9 ya tsaya. Duk biyun daidai ne, abin da suke aunawa ne ya bambanta. Mu kuma a Maraɗi muna da ƙarin tambaya: lambar wace ƙasa ce? Kunnenmu rabi yana Katsina da Kano. A 2024 ɗin nan hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023. Wannan lissafin naira ne. Mai sefa da ya je Jibiya sari a lokacin, sau da yawa ya tarar da kaya sun hau a naira amma nairar ta faɗi a gaban sefarsa, don haka abin da ya ji a aljihunsa daban ne da abin da Bakatsine ya ji. Kafin ka ɗauki kowace lamba, tambayi wace ƙasa, wane wata, da me aka kwatanta.

Jika 500 ɗinka

Eh, ya shafe su, kuma nan ne lissafin ya fi zafi. Kuɗin suna nan a akwati, ba wanda ya taɓa, ka ƙirga su ɗari biyar cif. Abin da za su saya ne ke raguwa.

Mutane da yawa suna cewa in farashi ya hau da kashi 15, kuɗi sun rage da kashi 15. Ya kusa, amma ba haka ba ne daidai. Abin jika 100 ya koma jika 115. Jika 100 ɗinka yanzu suna sayen 100 a cikin 115 na abin, wato kusan kashi 87. Asarar kashi 13 ce. Don haka jika 500, bayan shekara guda, ƙarfinsu kamar na sefa 434.800 ne a kuɗin yau. Ka rasa sama da jika 65 ba tare da ɓarawo ya shigo ba.

Idan abin ya ci gaba a shekara ta biyu, sabon kashi 15 ba a kan 100 zai hau ba, a kan 115 zai hau. Kashi 15 na 115 kuwa 17,25 ne, sai ya zama 132 da 'yan kai. Shekara ta uku 152, ta huɗu 175, ta biyar 201. Wato a shekara biyar farashi ya ninka, ba sai an kai shekara shida da wata takwas ba kamar yadda wanda ya tara 15 sau-da-sau zai zata. Ƙari ne ke haihuwar ƙari, kamar akuyar da 'yarta ma ta fara haihuwa. A kan kuɗinka, bayan shekara biyu ƙarfinsu kamar jika 378 ne, bayan uku kamar jika 329. Ɗakin da jika 500 za su gina yau, in kayan gini sun bi wannan gudun, nan da shekara uku jika 760 zai nema.

Abin da ya sa mutum ba ya farga da wuri shi ne, in an raba kashi 15 a watanni, bai wuce kashi ɗaya da kwata ba a wata. Abin jika guda ya ƙaru da dala biyu da ɗan abu. Wa zai yi faɗa a kan dala biyu? Sai shekara ta zagayo ka ga dala talatin ne.

Wani zai ce a kai banki. Asusun ajiya na yau da kullum a ƙasashen UEMOA yana ba da kashi 3 da rabi a shekara. Na san da yawa a cikinmu ba sa karɓar wannan ƙari saboda hukuncin riba, wannan kuma fagen malamai ne, ba nawa ba. Amma ko a lissafi zalla, jika 500 sun zama 517.500, ka raba da 1,15, ka samu jika 450 daidai a ƙarfin saye. Banki ya tsare maka su daga gobara da ɓarawo da ɗan'uwa mai zuwa rance da dare, amma bai tsare su daga tsada ba, ya dai rage asarar daga jika 65 zuwa 50.

Haka abin yake a adashe, ko da yake ba a cika son faɗa ba. Mutum goma sha biyu suna zuba jika 20 kowane wata, kwasa jika 240. Kowa ya zuba daidai da kowa, kowa ya kwashi daidai da kowa. Amma a shekarar kashi 15, jika 240 na mai kwasar ƙarshe suna sayen abin da jika 211 suka saya wa mai kwasar farko. Ba zalunci ba ne, amma ya isa dalilin da zai sa a riƙa juya layi, wanda ya yi ƙarshe bana ya yi farko baɗi, ko a yi ƙuri'a.

Ribar da ba riba ba

Ba ka tambayi wannan ba, amma tun da mai shago ne kai, a ganina ya fi maganar ɗakin haɗari. Akwai wani ɗan kasuwa da na riƙe wa littafi, mai sayar da man girki da jarka. Zan zagaye lambobinsa don su yi sauƙin bi. Ya fara shekara da jarin miliyan ɗaya, jarka 50 a kan jika 20 kowace. Ƙarshen shekara, bayan an cire haya da kuɗin yaron shago da cefanen gida, muka ƙirga kaya da kuɗi suka tashi miliyan ɗaya da jika 100. Ya yi murna, ya ce ga ribar jika 100, har ya fara maganar sabon mashin. Na ce masa kafin mashin, kira mai ba ka sari ka tambayi jarka. Ya kira a gabana. Jika 23. Na juya masa kalkuleta ya duba da kansa: miliyan ɗaya da jika 100 suna sayen jarka 47, da canjin jika 19. Ya fara da 50, ya yi shekara yana buɗe shago tun hantsi, ya ƙare da 47. Don ya mayar da shagon yadda ya same shi kawai, sai da miliyan ɗaya da jika 150. Da ya ɗauki jika 100 ɗin ya sayi mashin, jarka 43 zai iya sarowa. Ya yi shiru yana kallon kantar, can ya ce shi ya sa yake ganin bayan shagon yana ƙara fili.

Wannan fili shi ne alamar. Kuɗin da ke shiga aljihun tebur suna ƙaruwa, ciniki kamar yana tafiya, amma kowace tafiya sari kana dawowa da katan ɗaya ko biyu ƙasa da na da. In ka ga haka, jarin kake ci kana zaton riba ce.

Maganinsa biyu ne da na ga suna aiki. Na farko, ka sa farashin sayarwa a kan abin da za ka biya in ka koma sari yau, ba a kan abin da ka biya wata biyu da suka wuce ba. Na san nauyin wannan. Maƙwabci zai ce ai tsohon kaya ne, don me za ka ƙara? Kuma akwai bambanci tsakanin wannan da ɓoye abinci don a jira ya yi tsada, wanda addini ya hana kuma mutane suka tsana. Kai ba ɓoyewa kake ba, kaya suna kan kanta, kana dai sayarwa a kuɗin da zai maye gurbinsu. In kasuwa ba za ta ɗauki ƙarin duka ba saboda na kusa da kai bai ƙara ba, ɗauki rabi, amma ka san rabin da ka bari daga jarinka ya fita. Na biyu, ka riƙa ƙirga jarinka da kaya. Rubuta a bangon littafi: buhun shinkafa kaza, jarkar mai kaza, katan ɗin sabulu kaza. Ƙarshen kowane wata uku ka tambayi kanka ko abin da ke hannunka zai sake sayen wannan adadin. Abin da ya haura shi ne riba.

Sai bashi. Jika 200 da ke rubuce a littafin masu karɓar kaya, in suka shekara ba a biya ba, sun dawo maka da ƙarfin jika 174. Ba cewa nake ka daina taimakon unguwa ba, mai shagon da ba ya ba da bashi a Maraɗi ba zai daɗe ba. Amma bashin mako biyu da bashin wata takwas ba abu ɗaya ba ne a irin wannan shekara.

To me za ka yi da kuɗin ginin?

Tun da ka riga ka san abin da za ka yi da su, hanya mafi sauƙi ita ce ka mayar da wani kaso ya zama abin tun yanzu. Kwano da ƙarfe da ƙofa da taga ba sa lalacewa in suna da wurin ajiya mai bushewa. Siminti kuwa kada ka tara shi. Yana shan danshi ko a cikin buhu, bayan 'yan watanni ya fara dunƙulewa, in damina ta ratsa shi sai ka tarar da dutse. In za ka sayi siminti, a buga bulo da shi nan take, ko a zuba harsashi. Ginin da Bahaushe ke yi sannu-sannu, bana tushe, baɗi bango, wata shekara rufi, dabara ce ta tsare dukiya tun kafin a san sunan IHPC.

Amma ga iyakar shawarar. Kashi 15 ɗin da ka ji matsakaicin kwandon cefane ne, kuma a Nijar abinci ne ya fi jan sa. Ba ya nufin kwano ma ya hau da 15. Je wurin masu kayan gini uku ka tambayi farashin bandir yau da na bara war haka, ka yi lissafin da na nuna maka. In kwano da kashi 4 ya hau, gaggawarka ta ragu. Kuma farashin kayan gini yana iya sauka da hukunci guda: a ƙarshen 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti, wanda ya yi sauri ya tara kafin nan bai ji daɗi ba.

Wasu za su ce ka sayi gero da kaka ka ajiye, ko ka sa a rago. Ana samu, ana kuma faɗuwa. Gero yana son rumbu ko ɗaki mai kyau da maganin ƙwari, yana raguwa a awo in ya bushe, kuma in damina ta yi kyau ko OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, ta fito da hatsi mai rahusa, sai ka sayar ƙasa da yadda ka zata. Rago yana ci kullum, dusa da harawa kuma su ma suna cikin abin da ke tsada. Wannan sana'a ce ta biyu, ba ajiya ba ce. In ba ka san ta ba, kada ka koye ta da kuɗin ɗakinka. Kuma ko me za ka yi, bar wani abu a hannu, ko jika 100 ne. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ba za ka kai bandir ɗin kwano asibiti ba, kuma mai sayar da kaya cikin gaggawa yakan yi asarar da ta fi kashi 13.

Shin zai ci gaba da 15?

Lambar labarin watanni goma sha biyun da suka wuce take bayarwa, ba alkawarin masu zuwa ba ne. Lissafin shekara uku da biyar da na yi maka sharaɗi ne: in ya ci gaba. A Nijar kuma ba kasafai yake ci gaba haka ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655,957 kowane yuro ɗaya, kuma babban bankinmu, BCEAO, burinsa hauhawar ta tsaya tsakanin kashi 1 da 3. Shekaru da yawa a kusa da nan take yawo. Babban tsallen da dattawa ke tunawa shi ne na Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, farashi ya hau da sama da kashi 30 a shekarar. In ba irin wannan ba, tsadarmu daga kaya take zuwa, ba daga kuɗin ba: damina ta gaza, ko hanya ta toshe. Ta 2024 haka ta zo. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakoki, ta Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris 2024, kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, ga amfanin gonar 2023 bai wadata ba. Da aka samu kaka mai kyau bayan haka, hatsi ya sauko, har lambar ta koma ƙasa da sifiri a 2025. Irin wannan tsadar tana iya juyawa, saɓanin wadda faɗuwar kuɗi ke kawowa, wadda ba ta cika komawa baya ba.

Ka kiyaye da kalma ɗaya a labarai. In aka ce hauhawar farashi ta sauka daga kashi 15 zuwa 5, ba a ce kaya sun yi araha ba. Abin da ya tashi daga 100 zuwa 115 yanzu ya kai kusan 121. Motar ta rage gudu ne, ba ta juyo ba. Sai lambar ta zo da alamar ragi a gabanta sannan kwandon ya fi na bara araha, kuma ko a nan ana iya tarar da shi sama da inda yake shekara biyu baya: 115 da ya sauka da kashi 5 ya koma 109, bai koma 100 ba.

Ni ba zan iya ce maka ga inda gero zai kai da kaka mai zuwa ba, wannan yana hannun Allah da ruwan Agusta. Abin da ke hannunka shi ne ka fitar da lambar gidanka da ta shagonka. Ɗauki shafi guda, rubuta abubuwa goma da suka fi cin kuɗin gidan da adadin da kuke ci a wata, tiya nawa, lita nawa, sabulu nawa. Ranar ɗaya ga kowane wata ka sa farashin ranar a gaban kowanne ka tara, ba tare da ka canja adadin ba, ko da a zahiri kun rage cin nama. In ka canja adadin, ka daina auna farashi, ka koma auna haƙurin iyalinka. A shafi na gaba ka yi wa kayan ginin haka: bandir, buhun siminti, rodi, tifar yashi, kuɗin magini na yini. Bayan wata uku za ka fara ganin wanne ke gudu wanne ke tsaye, sai ka fara sayen mai gudun.